Zato da zahiri: Abin da ke sa hotuna biyu jere da juna su ba mutane dariya

Kwana biyu ko uku bayan kowace sallah, wani nau'in hoto yakan cika shafukan sada zumunta a Najeriya. Allon waya ya rabu gida biyu. A ɓangaren hagu wata mata ce tsaye cikin doguwar riga da ta zauna mata cif, hannayen rigar sun tashi kamar fukafukai, ƙasanta ya baje a kan dandamali mai sheƙi. A ɓangaren dama kuma wata ce tsaye a tsakar gida, sanye da abin da tela ya ɗinka mata daga wancan hoton. Hannun riga ɗaya ya langaɓe, wuya ya karkace, ƙugu ya sauko inda bai kamata ba.

Galibi babu wani dogon bayani a kai. Kalma ɗaya ce a saman kowane hoto, "Expectation" a hagu, "Reality" a dama, wato zato da zahiri. 'Yan Najeriya sun fi rubuta "What I ordered vs what I got", ma'ana abin da na ce a yi mini da abin da na samu. Kafin mutum ya gama karanta kalmomin ma dariya ta riga ta kuɓuce masa.

Abin lura shi ne idan aka raba hotunan, babu wanda ke ba da dariya a cikinsu. Na farko tallar ɗinki ce kamar dubban irinta. Na biyu kuma mace ce cikin rigar da ba ta yi mata kyau ba, abin da ake gani kullum a titi a wuce. Dariyar tana zuwa ne idan aka jera su, saboda haka a tazarar da ke tsakaninsu ya kamata a neme ta.

Inda salon ya samo farin jini

Jera hotuna biyu don a nuna bambanci tsohuwar dabara ce. Masu tallar magani da man shafawa sun daɗe suna nuna mutum kafin ya yi amfani da hajarsu da kuma bayan ya yi. Sai dai a talla hoto na biyu ne ke da kyau, domin a nan alƙawarin yake. Salon zato da zahiri ya juya wannan tsari: alƙawari a farko, rushewarsa a ƙarshe.

Ana yawan danganta yaɗuwar salon a intanet da wani fim ɗin Amurka mai suna 500 Days of Summer, wanda Marc Webb ya ba da umarni, ya kuma fito a shekarar 2009. A wani wuri a fim ɗin, saurayi mai suna Tom ya tafi liyafa a gidan tsohuwar budurwarsa Summer, yana fatan za su shirya. Sai allon ya rabu biyu. A hagu ana nuna yadda yake zaton daren zai kasance, suna hira suna dariya su biyu. A dama ana nuna abin da ya faru, inda ta karɓe shi kamar kowane baƙo, daga baya kuma ya hango zoben baiko a yatsarta. A ƙarshe ɓangaren zahiri ya ture na zato ya cike allon baki ɗaya.

Wannan wuri a fim ɗin ya fi kusa da ban tausayi, amma masu amfani da intanet sun ɗauki tsarinsa suka mayar da shi abin raha. Suka riƙa cika gurbin hagu da na dama da duk abin da suka ga dama: kek ɗin biki, aski, ɗakin otal, takalmin da aka saya ta intanet. Irin wannan tsari da kowa ke kwafa yana zuba nasa a ciki shi ake kira mim, kalmar da masanin halittu ɗan Birtaniya Richard Dawkins ya ƙirƙiro a littafinsa na 1976 don bayyana yadda ɗabi'a ko tunani ke yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta hanyar kwaikwayo.

Yadda ido ke karanta hotunan

Masu nazarin barkwanci sun daɗe da lura cewa yawancin abin dariya na da sassa biyu. Da farko ana ɗora mai sauraro a kan wata hanya, sannan a kauce masa ba zato. Masanin falsafa ɗan Jamus Immanuel Kant ya bayyana a 1790 cewa dariya na tasowa ne idan tsammanin da mutum ya ɗaure zuciyarsa a kai ya watse nan take, ya zama ba komai ba.

Hoton zato da zahiri ya matse waɗannan sassa biyu cikin allo guda. Wanda ya saba karatun boko idonsa daga hagu yake farawa, shi ya sa ake ajiye zato a hagu ko a sama. Cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ido ya ɗauki ma'auni daga hoton farko: ga yadda hannun riga ya kamata ya tsaya, ga inda ƙugu yake. Da ya tsallaka dama, sai ya auna abin da ya gani da wannan ma'aunin, ya tarar komai ya zame.

Idan aka juya jerin, aka sa lalatacciyar rigar a hagu, ma'anar takan sauya gaba ɗaya. Mai kallo zai ɗauka an gyara rigar ce, ya yaba wa telan. Wannan ne ya sa masu haɗa irin waɗannan hotuna ba sa wasa da jeri, kuma shi ne amfanin kalmomin da ake rubutawa a sama. Aikinsu kawai su nuna wa ido inda zai fara.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake jera su a allo ɗaya maimakon a tura su ɗaya bayan ɗaya. Ido yakan yi ta kai da komo tsakaninsu, kuma kowace komawa sai ya gano wani sabon abu. Karon farko ya ga hannun riga, karo na biyu ya lura cewa furen atamfar da ya kamata ya zauna a ƙirji ya koma hammata, karo na uku ya ga fuskar mai rigar babu walwala. Mai kallo da kansa yake tono abin dariyar, babu wanda ya nuna masa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi yi masa daɗi. Saboda haka idan mai wallafawa ya cika hoton da kibiyoyi da dogon sharhi, yakan kashe armashin.

Kama da wane ba ta wane

Bambanci kaɗai ba ya wadatarwa. A ce mace ta nuna hoton doguwar riga a hagu, a dama kuma ta nuna buhun shinkafa. Bambancin ya kai matuƙa, amma ba wanda zai yi dariya, sai dai a tambaya ko kuskure aka yi wajen aike. A ɗaya gefen kuma, idan rigar da aka ɗinka ta yi kusan daidai da ta hoton, illa tsawonta ya ragu da inci ɗaya, nan ma babu abin dariya.

Wurin da dariya take yana tsakanin waɗannan biyu. Dole hoto na biyu ya yi kama da na farko har a gane cewa shi aka so a yi, sannan ya kauce masa ta yadda ba za a iya kawar da ido ba. Launi ɗaya ne, wuyan riga iri ɗaya ne, adadin maɓallai ma ɗaya ne, amma abin da ya fito wani abu ne daban. Hausawa sun riga sun faɗi wannan da suka ce kama da wane ba ta wane.

Wani misali da masu kallon ƙwallo za su tuna ya faru ne a watan Maris na 2017, lokacin da aka sanya wa filin jirgin saman tsibirin Madeira na ƙasar Portugal sunan Cristiano Ronaldo. A wajen bikin aka buɗe wani mutum-mutumin tagulla na kansa, wanda wani ɗan tsibirin mai suna Emanuel Santos ya sassaƙa. Cikin sa'o'i kaɗan hoton Ronaldo da na mutum-mutumin suka zagaye duniya jere da juna. Gyaran gashin nasa ne, dogon wuyan ma an gane shi, amma idanun sun matso kusa da juna, murmushin kuma ya karkace. Da bai yi kama da shi ko kaɗan ba, da babu wanda zai kula. A shekarar 2018 aka sauya shi da wani.

A cikin wannan kamannin akwai wani abu kuma da ke ƙara wa dariyar ƙarfi, wato alamar ƙoƙari. Mai kallo yana ganin cewa telan bai yi watsi da hoton ba. Ya duba shi, ya ƙirga tattarar da ke hannun rigar, ya saka duk abin da ya gani. Ya yi da gaske, kuma da gasken nan ya isa wani wuri daban. Tazarar da ke tsakanin niyya da sakamako ita ce ke motsa mutane, domin babu wanda bai taɓa faɗawa cikinta ba.

Abin da ya faru tsakanin hagu da dama

Hotunan biyu suna nuna farko da ƙarshe, su ɓoye tsakiya. Idan aka bi tsakiyar daki-daki, sai a ga yadda tazarar ke haɗuwa kaɗan-kaɗan.

A ɗauki misalin wata da ta ga ɗinki a Instagram saura kwana 10 sallah. Ta ɗauki hoton allon wayarta, ta tura wa tela ta WhatsApp, ta kai masa turmin atamfa guda, wato yadi 6, ta ce riga da siket da ɗankwali take so kamar na hoton.

Matsala ta farko tana cikin hoton kansa. An ɗauke shi daga allo, sannan manhajar ta rage masa nauyi kafin ya isa, saboda haka idan telan ya buɗa shi don ya ga inda ɗinki ya bi, sai ya tarar da dishi-dishi. Kuma gaban rigar kawai yake gani. Bayanta, da inda zif yake, da abin da ke ciki, duk sai ya yi hasashe.

Ta biyu ita ce yadi. Rigar da ke hoton an ɗinka ta ne da yadi mai talewa, wanda ke bin jiki. Atamfa auduga ce, ba ta talewa. Idan tela ya yanka ta daidai da awon jiki, mai ita ba za ta iya zama ba, don haka sai ya ƙara inci ɗaya ko biyu a ƙirji da ƙugu. Wannan ƙarin da ya sa rigar ta sawu shi ne ya sa ta yi kama da ta aro a hoto.

Ta uku ita ce abin da ido ba ya gani. Hannun riga ba ya tashi ya tsaya da kansa. Akwai shafi a ciki, akwai ƙyalle mai tauri da ake manna wa yadi da dutsen guga, wani lokaci har da raga mai ƙarfi da ke tallafe shi. Waɗannan duk kuɗi ne da lokaci. Idan kuɗin ɗinkin da aka yi ciniki a kai bai ɗauke su ba, tela zai ɗinka siffar hannun ba tare da abin da ke riƙe ta ba, sai ta faɗi kamar ganyen da rana ta daka.

Ta huɗu ita ce yawan yadin. Siket mai bajewa a ƙasa yana cin yadi sosai, kuma idan ana son zanen atamfa ya haɗu daidai a kowane tsagi, dole a yi asarar wani sashe wajen yanka. Yadi 6 da za a fitar da riga da ɗankwali a ciki ba zai ba da wannan damar ba. Sai a rage faɗin siket, fure kuma ya faɗa duk inda almakashi ya kai shi. A ƙara da cewa telan na da tulin ɗinkin sallah a gabansa, ga ɗaukewar wuta, ba a kuma samu lokacin da mai kaya za ta zo ta gwada kafin a kammala ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne. Haɗuwarsu ce ta haifar da hoton dama.

Hoton hagu ma ba gaskiya ce tsantsa ba

Kalmar zahiri da ake rubutawa a dama takan sa mutane su ɗauka cewa hoton farko shi ne ainihin yadda kayan yake, na biyu kuma gazawa. Sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Masu ɗaukar hoton tallar tufafi sukan tattare bayan riga su maƙale da filoli ko matsi don ta kama jikin mai tallar. Akwai fitilu da aka saita, akwai tsayuwar da aka koya, sannan a zaɓi hoto guda cikin masu yawa a gyara shi a kwamfuta. Rigar da ke hagu wataƙila ba ta taɓa zama haka a jikin kowa ba na tsawon minti biyar.

Hoton dama shi ma akan yi masa nasa gyaran, amma ta ɓangaren muni. Wanda ke son hotonsa ya yaɗu ya san cewa tazara ce ke jawo dariya, don haka yakan faɗaɗa ta. Ana iya gane haka idan aka lura da wasu alamu. Rigar ba ta ga guga ba, har layin ninki na nan a jikinta. Mai sanye da ita ta saki kafaɗu ta sunkuyar da kai. An ɗauki hoton daga ƙasa ko kusa sosai, abin da ke sa kyamarar waya ta kumbura duk abin da ya fi kusa da ita. Hasken kuma na ƙwan lantarki ne ko na tocilar waya, wanda ke kashe launi.

Akwai ma waɗanda ba su da alaƙa da hotunan kwata-kwata, sun tsinto su ne daga wurare biyu suka haɗa. Wanda ke shakka zai iya saka hoton a Google Lens ya ga ko ya daɗe yana yawo da wani labarin daban.

Inda dariya ke tsayawa

Me ya sa tsarin da ya ba da tausayi a fim ɗin Tom yake ba da dariya a kan rigar sallah? Wasu masu bincike biyu a Amurka, Peter McGraw da Caleb Warren, sun gabatar da wani bayani a 2010. A ganinsu abu yana ba da dariya ne idan ya saɓa wa yadda ya kamata, amma a lokaci guda mai kallo ya ji cewa saɓawar ba ta da wata illa ta gaske. Idan babu saɓawa, abin ya zama lami. Idan illar ta yi yawa, ya zama abin baƙin ciki.

Mai kallon fim ya shafe fiye da rabin labarin tare da Tom, ya san abin da daren ke nufi gare shi, don haka rushewar zatonsa takan yi masa ciwo. Mai kallon hoton riga kuwa bai san matar ba, kuma asarar da yake gani ta turmi ɗaya ce da za a iya gyarawa ko a sake.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari. Maganar da za ta jawo faɗa a bakin wani takan zama raha a bakin abokin wasa, domin kowa ya san babu mugun nufi. Haka ma hoton zato da zahiri ya fi daɗi idan mai abin ce ta wallafa da kanta. Ta riga kowa yin dariyar, ta ba da izini, masu kallo kuma suna dariya tare da ita saboda kowannensu na da irin wannan rigar a ƙasan akwati.

Lamarin yakan sauya idan wani ne ya ɗauki hoton mutum ba da saninsa ba, ko kuma idan abin da ke dama ya tashi daga kaya ya koma jikin mutum. Hoton amarya da kwalliya a hagu, fuskarta ba kwalliya a dama, tsarinsa ɗaya da na riga, amma abin da ake aunawa a nan halittar mutum ce, wadda ba tela ya ɗinka ba kuma ba a mayar da ita gyara. Tun a 1651 masanin falsafa ɗan Ingila Thomas Hobbes ya danganta dariya da jin fifiko, wato daɗin da mutum ke ji idan ya ga kansa sama da wani. Irin wannan dariyar ce ke fitowa a nan, kuma akwai wadda ke biyan kuɗinta.

Shi ma telan yana da abin da zai rasa. Idan aka haɗa hoton da sunan shagonsa ko lambar wayarsa, dubban mutanen da ba su san nawa aka biya shi ba, ba su san wane yadi aka kai masa ba, ba su kuma san kwana nawa aka ba shi ba, za su yanke masa hukunci daga hoto guda. Wani lokaci ya cancanci ƙorafin, musamman idan ya karɓi aikin da ya san bai iya ba, ya ce a bar masa kawai. Wani lokaci kuma ya yi gargaɗi tun farko cewa atamfa ba za ta ba da wannan ɗinkin ba, aka ce ya dai gwada. Hotunan biyu ba su da gurbin da za a saka wannan zancen.

Teloli da suka ga jiya sukan kare kansu tun ranar karɓar aiki. Sukan nemi a turo hoton da cikakken ingancinsa, su tambayi hoton bayan rigar, su faɗi irin yadin da ɗinkin ke buƙata da kuɗin shafi da sauran kayan ciki, sannan su sa ranar gwaji kafin a rufe ɗinki. Wadda ta amsa waɗannan tambayoyin ta kuma zo gwajin, da wuya rigarta ta fito a ɓangaren dama bayan sallah.